Famfo ya mutu a kan roba ɗaya: gyaran na Abuja ne, na ciyaman, ko na mai unguwa?

Ɗan_Rimi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai ƙa'idar nan ta tsarin mulki da Turawa ke kira sabsidiyariti, wadda ke cewa aikin da na ƙasa zai iya, kada na sama ya karɓe masa. Ina so mu auna ta da abu ɗaya da kowa ya sani, wato famfon tuƙa-tuƙa na ƙauye. Za ka ga an haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin tarayya, an kafa allo da sunan ɗan majalisa, bayan shekara biyu famfon ya tsaya, mata sun koma rafi, kowa na jiran wanda ya haƙa ya dawo ya gyara. Ni ra'ayina a tattara harkar ruwan karkara kacokan a miƙa wa ƙananan hukumomi, jiha da tarayya su cire hannu. Wa ke da ja?

Abba_Sabongari: Wa alaikumussalam. Sabsidi kuma? Ai tun 2023 aka cire shi, ga litar mai nan muna gani. In za a dawo da shi a kan ruwa ma ba mu ƙi ba.

Malam_Tsangaya: Abba, ba tallafin mai ake nufi ba. Amma ba ka yi nisa da hanya sosai ba, don kalmomin biyu tushensu ɗaya a Latin, kuma ma'anarsa taimako ko ɗauki. Wanda ya fito da ƙa'idar fili shi ne Fafaroma Pius na 11 a wata wasiƙarsa ta 1931, daga baya Tarayyar Turai ta sa ta cikin yarjejeniyar Maastricht a 1992. Fuska biyu gare ta, kuma Ɗan_Rimi ɗaya ya ɗauko. Ta farko, na sama kada ya ƙwace abin da na ƙasa zai iya. Ta biyu, inda na ƙasa ya gaza, wajibi ne na sama ya kawo masa ɗauki. Saboda haka "su cire hannu" ɗin nan ba ya cikinta.

Injiniya_Ruwa: Malam ya buɗe ƙofar. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar "ruwan karkara" a matsayin dunƙulen aiki ɗaya da za a ɗauka a ba mutum guda. Ba haka yake ba. Ayyuka ne daban-daban a jere, kuma kowanne da matakin da ya dace da shi.

Mu ɗauki famfo ƙirar Afridev, wanda aka ƙera shi da gangan don mutanen gari su riƙa gyara kayansu. Abin da ke saurin cinyewa a cikinsa 'yan ƙananan abubuwa ne: robar da ke jikin fistin mai ɗago ruwa, robar bawul ɗin ƙasa, bushin na hannun famfo, da robobin da ke riƙe sandunan a tsakiyar bututu. Duk ka haɗa su ba su cika leda ɗaya ba. Mutum biyu da sifana ɗaya da ƙugiyar kamo bawul za su zaro sandunan ɗaya bayan ɗaya, su fito da fistin ta cikin bututun ba tare da sun taɓa bututun ba, su sauya roba, su mayar, kafin azahar an gama. Ana so a yi haka tsakanin wata shida zuwa shekara, gwargwadon yawan masu ɗiba.

Ga yadda mai kula da famfo zai gane lokaci ya yi, ba sai injiniya ya zo ba. Ya tuƙa sau 40 cikakku cikin minti ɗaya, ya tara a bokiti. Lafiyayyen famfo zai ba da wajen lita 16. In ya sauka ƙasa da lita 10, robar fistin ta cinye. Gwaji na biyu, ya bar famfon ya huta rabin awa, sannan ya ƙirga tuƙi nawa zai yi kafin ruwa ya fito. In ya haura biyar, ruwa na zurarewa ƙasa, ko ta bawul ko ta mahaɗar bututu.

To wannan aikin ba na ciyaman ba ne ma, balle gwamna. Na kwamitin ruwa na unguwa ne. Duk ranar da ka ɗauke shi ka kai sakatariya, robar da za a saya yau a sa yau ta koma takardar neman izini.

Ɗan_Rimi: Ashe ni ma da na ce a ba ƙaramar hukuma na yi sama da yawa ke nan.

Injiniya_Ruwa: A wannan gaɓar, ƙwarai kuwa. A wata gaɓar kuma ka yi ƙasa da yawa. Zan zo wurin.

Usta_Makaniki: Yallaɓai Injiniya, a yi wa mutane bayanin cewa ba duk famfo ne Afridev ba. India Mark II ya cika ƙauyuka, shi kuwa silindarsa ta fi bututunsa faɗi, ba ta fitowa ta ciki. In robarsa ta cinye sai ka zaro bututun ƙarfen gaba ɗaya. Kowane bututu mita 3 ne, rijiyar da aka sa silinda a mita 30 bututu goma ke nan, cike da ruwa, ga sanduna a ciki. Sai da maƙala ta riƙe bututu, da manyan sifanu, da ƙarti huɗu ko biyar, da wanda ya san hannunsa. In aka yi gangancin sakin sa ya faɗa rami, sai an yi ta faman kamo shi, wani sa'in rijiyar ta tafi ke nan. Abin da mutanen gari za su iya a wannan famfon shi ne shafa wa sarƙa giris, ɗaure ƙusoshin kai, da share magudanar gindin famfo. Sauran na makanikin yanki ne, mutum ɗaya mai babur da akwatin kayan aiki yana zagaya famfuna masu yawa.

Malam_Tsangaya: Wannan magana ta Usta ta fi ƙarfin yadda ya faɗe ta. Ma'anarta, wanda ya zaɓi ƙirar famfo a ofis shi ya riga ya yanke wa zai iya gyarawa. Iyawar na ƙasa ba daga sama take faɗowa ba, ana gina ta ko a rushe ta tun ranar rubuta kwangila.

Hajiya_Binta_Kwamiti: Ku yi haƙuri in dawo da ku kan kuɗi, don a nan kwamitoci ke mutuwa. A ce gida 60 ke ɗiba, kowane gida naira 200 a wata, naira 12,000 ke nan. Lissafin yana da kyau a takarda. Abin da ke faruwa shi ne watanni uku na farko kowa na biya, da aka ga famfo na aiki lafiya sai a daina, ran da ya tsaya asusu wayam. Abin da ya fi riƙewa shi ne karɓa a bakin famfo a kan kowace jarka, ko kuma a karɓi hatsi da kaka, tiya kaza kowane gida, a ajiye a sayar idan ya yi daraja. Ma'aji ya zama daban da mai karɓa, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Kuma a sa mata a ciki, don su ne ke fara jin hannun famfo ya yi sako-sako tun kafin kowa ya sani.

Matsala ta biyu, ko da kuɗin a hannu, ina za a sayi robar? In sai an je babban birnin jiha, kuɗin mota ya ninka kuɗin roba. Nan ne ƙaramar hukuma take da aikin yi: ta haɗa wani mai shagon kayan gini a kasuwar hedikwata da dillalin kayan famfo, ya riƙa ajiye su.

Barista_Auwal: Bari in sa baki ta fuskar doka, don Ɗan_Rimi ya ce "a miƙa". Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanai, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna, sai kuma hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. Ruwan sha ba a ambace shi da sunansa ba. Abin da ya raba nauyin shi ne manufar ƙasa ta ruwa da tsafta ta shekarar 2000, wadda ta ce a ginin ruwan karkara tarayya ta ɗauki kashi 50, jiha 25, ƙaramar hukuma 20, al'umma 5, sannan kaso mafi girma na kuɗin gudanarwa da gyara a kan al'umma. Manufa ce, ba doka ba, ba wanda za ka maka a kotu don ya ƙi biyan kasonsa.

Sai batun kuɗin. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 na asusun tarayya, amma sashe na 162 ya sa kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a biya su kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Ni a ganina wanda ba ya riƙe da kuɗinsa ba za a ce ya gaza ba, don ba a taɓa gwada shi ba.

Malama_Hedimasta: Barista, an taɓa gwada su fa. A 1991 aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, aka damƙa wa ƙananan hukumomi albashin malamai. Albashi ya dinga taruwa wata da watanni, yajin aiki ya ƙi ƙarewa, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Shi ya sa har gobe ƙungiyar malamai ta ƙasa ba ta son albashi ya koma hannun ciyamomi. Makarantar tana cikin unguwa, gaskiya ne, amma kusanci ba iyawa ba ne.

Barista_Auwal: Na yarda da tarihin, Malama, ban yarda da abin da kika cire daga cikinsa ba. An ba su nauyi ne ba tare da kuɗin da zai ɗauke shi ba. A ƙaramar hukuma mai yawan makarantu albashin malamai kaɗai na iya lashe kason wata, abin da daga baya aka riƙa cewa sun tashi da sifiri. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, sannan aka ce jaki rago ne.

Malama_Hedimasta: Wasu kam haka ne. Wasu kuma kuɗin ya zo, hanya daban ya bi. Kada mu wanke kowa.

Injiniya_Ruwa: Na yi alkawarin dawowa kan inda ƙaramar hukuma ta yi ƙasa da yawa. Haƙar rijiyar kanta. Yawancin Kano da Katsina da Kaduna da Zamfara dutse ne a ƙasa, ruwan yana cikin tsagar dutse da ruɓaɓɓen saman dutsen. Za ka haƙa nan ka sami ruwa, ka matsa taku hamsin ka tarar da busasshen rami. Sai an yi awon ƙasa da na'urar lantarki, a sami masanin da zai karanta sakamakon. Bayan haƙa a wanke rijiyar har ruwan ya tace, a yi gwajin ja na sa'o'i don a san abin da take bayarwa, a kai ruwan ɗakin gwaji. In ruwan na da tsami, ma'auninsa na pH ya gaza 6.5, bututun ƙarfe zai yi tsatsa cikin ɗan lokaci, ruwa ya koma ja, mutane su guje shi. Irin wannan rijiyar bututun roba da sandunan da ba sa tsatsa take so. Sannan a zuba siminti a toshe saman ramin, a nisanta shi da masai aƙalla mita 30.

Kano kaɗai ƙananan hukumomi 44 gare ta. Ba hankali a ce kowacce ta ɗauki masanin ƙasa, ta sayi na'ura, ta gina ɗakin gwaji, don rijiyoyi 'yan kaɗan a shekara. Wannan na hukumar ruwan karkara ta jiha ne, wadda ake kira RUWASSA a jihohi da dama. Ita za ta ajiye bayanan kowace rijiya: zurfi, inda aka sami ruwa, inda silinda take. Rashin wannan takardar ne ke sa makaniki ya zo gyara yana lalube.

Tarayya kuma nata shi ne ma'aunin inganci da ruwan da ya ƙetare iyaka. Dubi kogin Haɗeja. Dam ɗin Tiga da na Challawa suna jihar Kano, amma yadda aka saki ruwa shi ke yanke wa manoma da masunta hukunci a Jigawa da Yobe, har fadamun Nguru. Babu ciyaman ko gwamna ɗaya da zai raba wannan gardamar, don kowannensu ɓangare ne a cikinta.

Ɗan_Rimi: To in na fahimta, tambayoyi biyu ake yi wa kowane aiki: na ƙasa na da kayan aiki da kuɗin yinsa? Kuma illarsa tana tsayawa cikin iyakarsa ko tana tsallakawa maƙwabta?

Malam_Tsangaya: Ƙara ta uku: wa zai fara sanin abin ya lalace? Yarinyar da ta zo ɗiba da asuba ta san famfo ya mutu kafin rana ta fito. Labarin kafin ya isa ma'aikata a Abuja, in ma ya isa, damina ta wuce. Ainihin hujjar ƙa'idar ke nan. Sannan wanda za ka iya tarewa a ƙofar masallaci ka tambaye shi ya fi jin kunyarka.

Sani_Maraɗi: Gaisuwa daga wannan ɓangaren. Mu nan Nijar a takarda mun fi ku tsari. Tun zaɓen 2004 aka kafa kominoni, wato ƙananan hukumominmu, kuma a 2016 gwamnati ta fitar da dokar miƙa masu fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Magajin gari shi ne mai rijiyoyin karkara. Inda akwai tanki da famfunan unguwa, ana ba ɗan kasuwa kwangilar gudanarwa, ya sayar da ruwa da mita, a ware wani kaso na sabunta inji. Tsarin yana aiki inda ake bin lissafin mita da gaske. Inda yake ciwo shi ne an miƙa aikin, kuɗi da ma'aikata ba su biyo da sauri ba. Komin da yawa ba ta da masanin ruwa ko ɗaya, sai ta jira na ma'aikatar jiha. Kuma a watan Afrilun 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa masu riƙo. To ban sani ba ko wanda aka naɗa daga sama ana ƙirga shi "na ƙasa".

Barista_Auwal: Tambayar Sani ita ce ta kantomominmu. Ofishin yana kusa, amma fuskar mai ofishin sama take kallo.

Abba_Sabongari: Yanzu na gane. Amma ku duk tuƙa-tuƙa kuke ta magana, alhali yanzu sola ake yayi. Ai ita ba roba ba sarƙa, rana ta fito ruwa ya zo, ba ruwan kowa da kwamiti.

Usta_Makaniki: Ɗan'uwa, sola ta fi buƙatar mai kula. Ba ta damunka kullum, amma ran da ta tashi damunka kuɗin ba na karo-karon unguwa ba ne. Ɗan kwangila ya sa sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya yana turo ruwa, mai ƙarfin da ya fi abin da rijiya ke bayarwa, ruwa ya ƙare yana ta juyi a bushe, ya ƙone. Ko ba a sa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ja baya ba. Ko tsawa ta kashe akwatin sarrafa wutar. Ko a kwance faifan solar da dare. Na unguwa shi ne goge ƙurar faifai, musamman da hunturu, gadi, gyaran kan famfo, da rubuta mita. Sauya sumo sai ƙaramar hukuma ko kamfanin da aka yi yarjejeniya da shi. In ba a rubuta wannan rabon ba tun ranar buɗewa, tankin zai zama wurin shan inuwar awaki.

Hajiya_Binta_Kwamiti: Rubutawar nan ita ce maganar. Takarda ɗaya tak a ranar miƙa famfo, mai unguwa da kansila da jami'in ruwa na ƙaramar hukuma su sa hannu. A rubuta gyaran da ke kan kwamiti, da iyakar kuɗin da in gyara ya haura shi ya koma kan ƙaramar hukuma, da lambar makaniki, da kwana nawa za a jira kafin a kai maganar gaba. In ba haka ba kowa zai ce na wancan ne. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa a nan suke faɗuwa: sashen ruwa na ƙaramar hukuma sau da yawa bai ma san an haƙa ba, ba ta cikin rajistarsa, ba a kafa kwamiti ba, ba a bar ko sifana ba.

Malama_Hedimasta: Ni abin da har yanzu ba a amsa mini ba: wa ke yanke hukuncin cewa na ƙasa ya iya ko bai iya ba? In na sama ne alƙali, kullum zai ce yaro bai isa ba, don kwangilar na hannunsa.

Malam_Tsangaya: Turai ta yi ƙoƙarin magance wannan. Hukumar Tarayyar Turai ce ke da nauyin kawo hujjar cewa ƙasashe ba za su iya su kaɗai ba. Majalisun ƙasashe suna da mako takwas su duba daftarin doka, in kashi ɗaya cikin uku suka ce an shiga gonarsu, dole a sake dubawa. Katin gargaɗi suke ce masa. Sau uku aka kai ga ɗaga shi, a 2012 da 2013 da 2016, kuma sau ɗaya ne kawai aka janye daftarin. Ko a can ma alƙalin bai cika yanke wa kansa hukunci ba.

Injiniya_Ruwa: A famfo dai akwai ma'aunin da ba ya buƙatar alƙali: kwana nawa yake yi a mace kafin ya tashi. A rubuta ranar da ya tsaya da ranar da ya dawo. Kwamitin da ke tayar da nasa cikin kwana uku a bar masa kayansa. Wanda nasa ke wata biyu, a je a ga ko roba ce babu, ko kuɗi, ko rigima.

Barista_Auwal: Wa zai riƙe rajistar, Injiniya? In sashen ruwa na ƙaramar hukuma ne, shi ma ana auna shi da ita.

Usta_Makaniki: A ba mai unguwa littafi ɗaya, jami'i ya riƙe ɗaya, a riƙa gwada su duk wata uku. Hajiya, iyakar kuɗin nan da kika ce, a daina rubuta ta da naira, farashi na gudu. A rubuta ta da sunan kaya: roba da bushin da giris na kwamiti, silinda da bututu da sumo na hukuma.

Hajiya_Binta_Kwamiti: Sanda fa, Usta? Ita ce ke yawan tsinkewa, kuma tsakiya take.

Usta_Makaniki: Ɗaya ko biyu kwamiti ya saya. In tsatsa ce ta ci su gaba ɗaya, laifin wanda ya sa ƙarfe a ruwa mai tsami ne, a mayar masa.